Hira da kyamara ɗaya da taga ɗaya: yadda ake zaunar da mutum a ɗauke shi

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin wani dattijo da kyamara ɗaya a kafaɗa, ba fitila ba mataimaki, ya san wannan lokacin da kake tsaye bakin ƙofa kana kalle-kalle kana tunanin to ina zan zaunar da shi. Nan fa aikin yake. Yawancin hirarrakin dokumantari da nake gani sun lalace ba a wajen editin suka lalace ba, tun a mintuna goman farko ne, lokacin da mai kyamara ya kafa tirafod ɗinsa a inda ya ga fili sannan ya ce Baba zo ka zauna nan. Ni tsarin da nake bi kenan kuma shi zan zayyana: taga ce ke zaɓar wa mutum wurin zama, wurin zaman ya zaɓar wa kyamara nata wurin, kyamara kuma ta nuna wa mai tambaya inda zai zauna. In ka juya wannan jerin to za ka yi ta gyara har mai hirar ya gaji.

Zan yi bayanin da wata hira da na ɗauka da wani tsohon marini a cikin birnin Kano, wanda zan riƙa kira Baba, a watan Janairu, a ɗakinsa mai kamar mita 4 da 3 da rabi, taga ɗaya, ƙofa ɗaya, bango mai koren fenti. Kyamara ɗaya, lensi mai lamba 50mm, tirafod, makirfon maƙalawa a riga, da kwali fari ɗaya. Shi kenan kayan.

Ka fara sanin ina tagar ke kallo

Kafin ranar ɗauka ka je ka ga ɗakin, ko aƙalla ka sa a turo maka hoto a gaya maka gabas tagar ke kallo ko yamma. A gidajenmu wannan ba wuya, kowa ya san alƙibla, ka tambayi inda ake fuskanta in za a yi salla ka lissafa sauran. Abin da kake nema shi ne hasken sama yana shigowa ta taga ba tare da ita ranar kanta ta leƙo ba. Rana in ta shigo kai tsaye tana zana fari fat a gefen fuska, inuwar hanci ta yi kaifi kamar an ja da biro, mutum ya dinga ƙanƙance ido, kuma mafi muni tana tafiya, minti 20 kawai zanen ya bar kumatu ya koma kafaɗa, kai kuma a editin kana son haɗa maganar farkon hira da ta ƙarshe.

Tagar gabas da safe take shan rana, don haka bayan azahar ake amfani da ita. Ta yamma kuma da safe. Za ka ji ana cewa tagar arewa ita ce ba ta ganin rana ko yaushe, wannan maganar mutanen Turai ce da ke can nesa da tsakiyar duniya, a nan sai da gyara. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana ta arewacinmu take bi, tana fitowa arewa maso gabas ta faɗi arewa maso yamma, to da sassafe da yamma liƙis za ta iya leƙowa ta tagar arewa a karkace. Daga Oktoba zuwa Maris kam tagar arewa lafiya lau duk yini, ta kudu ce ke shan rana.

Tagar Baba gabas take kallo, sai muka tsayar da ƙarfe 2 da kwata, ya dawo daga masallaci ya ci abinci, muna da har zuwa kiran la'asar. Kuma hazo ya taimake mu, don lokacin hunturu ƙurar nan tana tausasa haske ta baza shi, yana daɗewa bai canza ba. Damina ce mai wahala, girgije ya zo ya wuce fuska ta yi duhu ta yi haske a cikin amsa ɗaya, in a damina kake ka fi neman ranar da hadari ya rufe sama gaba ɗaya ko wadda ba girgije sam.

In dole sai a lokacin da rana ke shigowa, rataya farin zanen gado mara kauri ko farin mayafi a tagar ya rufe ta duka. Zai rage haske amma zai mai da tagar kamar babbar fitila mai laushi. Fari dai, kar ka sa mai ruwan madara ko mai fure, launinsa zai hau fuska.

Kashe sauran hasken

Da shigarka ka kashe ƙwan ɗakin. Dalili biyu. Hasken rana launinsa wajen 5600K ne a lissafin kyamara, ƙwan gida kuma wani ja-ja wani shuɗi-shuɗi, in suka haɗu a fuska ɗaya rabi zai yi wani launi rabi wani, ba gyaran da zai daidaita su duka biyun. Na biyu, ƙwan da ke saman kai yana zuba inuwa a cikin kwarmin ido, ga shi kuma masu araha suna ƙyaftawa a bidiyo, balle in janareta ne ke ba da wutar. Ƙofa ma taga ce, in tana buɗe tana kawo haske daga wani ɓangaren to ka saki labule ko ka tura ta. Haske ɗaya kake so daga wuri ɗaya, sannan kai ka yanke shawarar abin da za ka ƙara.

Wurin zama

Yanzu ɗauki kujerar, ko dardumar in a ƙasa zai zauna. Kar ka sa shi ya ba taga baya, zai zama baƙar inuwa a gaban farin fili. Kar kuma ya fuskanci tagar tsaf kyamara na tsakaninsu, fuskar za ta fito shafe kamar hoton fasfo, ba tudu ba kwari. Kuma kar tagar ta zo daidai kunnensa, wannan yana raba fuska biyu, rabi haske rabi duhu, yana da amfani in labarin tashin hankali ne amma ga yawancin hira ya yi tsauri. Abin da ake so tagar ta kasance a gefe kuma a ɗan gabansa, kamar rabin hanya tsakanin hancinsa da kunnensa. Yadda nake yi, ina ajiye kujerar daidai ƙarshen tagar sannan in ja ta baya kamar taku ɗaya, ta yadda duk faɗin tagar yana gabansa ta gefe.

Yadda za ka gane ka samu: ka zaunar da wani a wurin, ko yaron gidan ne, ka duba kumatun da ke nesa da taga. In akwai ɗan haske ya tsallako hanci ya sauka a ƙarƙashin idon wancan gefen, kuma kana ganin ɗigon haske a cikin idanu biyun, to ka samu. In idon can ya mutu ba ɗigo, ja kujerar baya kaɗan ko ka juya ta wajen taga. Wannan ɗigon kar ka raina shi, shi ke sa mai kallo ya ji mutumin na raye yana magana da shi.

Nisa daga taga kuma, haske yana raguwa da sauri yadda ba ka zato. In ka ninka nisan, abin da ke isowa yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'anarsa in ka manna mutum da taga, rabin mita misali, da ya ɗan karkato sai gefen fuskarsa ya ƙone, da ya koma sai ya dushe. In kuma ka kai shi tsakiyar ɗaki mita 3, hasken ya yi rauni kuma ya rasa laushinsa. Baba na zaunar da shi mita ɗaya da rabi daga taga, kuma kusan kullum tsakanin mita 1 da 2 nake ƙarewa.

Sai bayansa. Mutanenmu da ka ce zauna sai su nemi bango su jingina, haka aka saba. Ka roƙe shi ya matso, ko da mita ɗaya ne tsakaninsa da bangon, mita 2 ya fi. In ya manne da bango inuwarsa na kansa, duk wani tsagewar fenti da ƙusa suna fitowa tar, hoton ya zama kamar an liƙa shi a jiki. A ƙaramin ɗaki dabarar ita ce ka ɗauka ta kusurwa zuwa kusurwa, nan ne ɗakin ya fi tsawo. Haka na yi, kyamara a wata kusurwa kusa da bangon tagar, bayan Baba kuma kusurwar da ya jera yadukan da ya rina, shuɗin baba mai duhu, sun ɗan dushe a baya amma kana gane mene ne. Na cire kalanda da wata leda da ke rataye, da izininsa, sauran na bar su yadda suke don ɗakinsa ne ba situdiyo ba.

Tsayin kyamara

Lensi ya zo daidai da idonsa. Ba daidai da naka idon kana tsaye ba, nasa yana zaune. Wannan kuskuren shi ya fi yawa saboda tirafod an saba buɗe shi har sama, sai kyamara ta dinga leƙo mutum daga bisa, ya ƙanƙance, dattijo mai daraja ya koma kamar wanda ake tuhuma. In kuma ta yi ƙasa da yawa kana kallon cikin hanci da silin. Baba a kan buzu yake zama, ya ce shi a nan yake sakewa, kuma ba zan ɗora shi kan kujerar roba don sauƙin kaina ba. Idonsa kamar santimita 80 ne daga ƙasa, sai na naɗe ƙafafun tirafod ɗin duka na baza su har ya sauko. In naka ba ya sauka haka ka ɗora kyamarar a kan ƙaramin tebur ko kujerar tsuguno ka tokare da littattafai. Ka duba ruwan awon da ke jikin tirafod ko layin da ke sikirin don kar hoton ya karkace, ƙasan ɗakunanmu ba kasafai take daidai ba.

Inda zai kalla

To nan ne nake so ka ba ni hankalinka sosai, don shi ne abin da mai kyamara ɗaya ya fi sakaci da shi. A hirar dokumantari mutum ba lensi yake kallo ba, mai tambaya yake kallo, mai kallo kuma kamar yana zaune a gefe yana saurare. Saboda haka inda mai tambaya ya ajiye kansa nan idon mai magana zai tsaya duk tsawon hirar.

Mai tambaya ya zauna dab da kyamara, kansa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu daga lensi ba, kuma idonsa a tsayi ɗaya da lensin. In ya matsa gefe mita guda, fuskar mai magana za ta juya har ido ɗaya ya fara ɓuya, mai kallo ya ji an ware shi, kamar yana leƙen hirar wasu. In mai tambaya yana tsaye shi kuma yana zaune, zai yi ta ɗaga kai sama kamar mai roƙo. Baba a ƙasa yake, to ni ma a ƙasa na zauna, na tanƙwashe ƙafa, kafaɗata na kusa taɓa tirafod, wanda dama shi ne ladabi, ba ka tsaya a kan dattijo kana masa tambaya.

Wane gefen kyamara? Gefen taga. Wannan ka riƙe shi. A ɗakin Baba tagar na hagun kyamara, sai na zauna a hagu, tsakanin kyamara da bangon tagar. Da ya kalle ni fuskarsa ta juya wajen haske, idanunsa suka ɗauka, gefen fuskar da ya fi kusa da kyamara kuma shi ne mai ɗan inuwa, wannan inuwar ce ke fito da ƙirar fuska, ƙashin kumatu da layukan tsufa da gemu. Da na zauna a dama da ya juya wa tagar baya-baya, kunne da gefen hula su sha haske, idanu su shiga duhu. Ka gwada duka biyun sau ɗaya da wani abokinka, da ka gani ba za ka sake mantawa ba. Ka dai lura kar jikinka ya tare hasken, in ka ga inuwarka a ƙirjinsa ja baya kaɗan.

Yanzu matsalolin da littafi ba zai gaya maka ba. Na farko kunya. A wurinmu ƙura wa babba ido rashin tarbiyya ne, to in wadda kake hira da ita matashiya ce ko matar aure kai kuma namiji baƙo, ƙasa za ta yi ta kallo, kuma ba laifinta ba ne. Kar ka yi ta cewa ɗago ki kalle ni, yana ƙara takura ta. Mafita ita ce ka samu mace ta zauna a wurin mai tambaya, kai ka koma bayan kyamara ka sunkuyar da kai kan sikirin. In hakan bai samu ba ka sauke kyamarar ƙasa da idonta da kamar yatsu huɗu, ko ta sunkuya za ka riƙa samun idon.

Na biyu 'yan kallo. Da aka ji ana ɗaukar Baba sai ga jikoki a bakin ƙofa, ɗansa babba ya shigo ya tsaya a dama, kuma duk lokacin da Baba ya ambaci wata shekara sai ya waiga wajensa yana neman tabbaci, wai ko ba haka ba. Ido ya bar hagu ya tafi dama ya dawo, a hoto sai ka ga kamar mutum mara gaskiya alhali ba haka ba ne. Na tsaya na ce masa Yaya don Allah zo ka zauna nan bayana, dab da kafaɗata. Ya dawo, shi kenan, ko Baba ya kalle shi idon yana nan gefe ɗaya. Haka za ka yi da tafinta in akwai, ko duk wanda dole ya kasance a ɗakin: kowa ya taru a bayan mai tambaya, ɗaya gefen kyamarar ya zama ba kowa.

Na uku ita kanta kyamarar. In sikirin ɗinta mai juyawa ne kar ka bar shi yana fuskantar mai magana, zai yi ta satar kallon kansa. Jar fitilar rikodin ta gaba ma ka kashe ta ko ka liƙe. Kuma tun farko ka faɗa masa a sauƙaƙe: Baba ni za ka kalla, hira ce tsakanina da kai, wannan na'urar ka manta da ita.

In kai kaɗai ne, kai ne mai tambaya kai ne mai kyamara, ka sani duk lokacin da ka kai ido kan sikirin shi ma zai bi idonka ya kalli kyamara. Don haka ka duba sikirin lokacin da kake yin tambaya ko bayan ya dire amsa, yana cikin magana kuwa idonka na kansa, kana gyaɗa kai ba tare da ka ce uhm ko haka ne ba, don duk za su shiga makirfo su hau kan maganarsa. Wannan yana da wuya ga Bahaushe wallahi, mun saba amsa wa mai magana, amma gyaɗa kai da fuska sun isa.

Firam

Kunna layukan da ke raba sikirin gida tara, a yawancin kyamarori Grid ake rubutawa. Tunda Baba hagu yake kallo, sai na ajiye shi a kan layin tsaye na dama, filin da ya rage yana gabansa, inda yake kallo. In ka sa shi a hagu yana kallon hagu, hancinsa na dukan bakin firam kuma bayan ƙeyarsa fili fetal, mai kallo zai ji wani ƙunci ko bai san dalili ba. Idanu kuma a kan layin kwance na sama.

Saman kai ka bar kaɗan, kamar yatsu biyu ko uku a sikirin. Amma hula tana canza lissafi, doguwar hula ko rawani ko ɗaurin ɗankwali in ka ce sai ka bar fili a samansu to idanu za su gangaro tsakiyar hoto. A ɗauka mai faɗi ka shigar da hular duka, a ta kusa kuwa ka bi ido ka bar saman hular ya fita, ba komai. Ƙasa kuma kar ka yanke a gaɓa, wato daidai wuya ko gwiwar hannu ko wuyan hannu, yanke a tsakiyar ƙirji ko ɗan sama da ƙugu.

Da 50mm a babbar kyamara mai cikakken sensa, daga nisan mita 2, abin da ke shiga firam daga sama zuwa ƙasa kamar santimita 80 ne, wato daga saman hula zuwa wajen cinyarsa yana zaune, hannuwa a ciki. Kuma hannuwan nake so, don marini ne, farcensa da tafinsa sun riƙe shuɗi na shekara da shekaru kuma da hannu yake magana. In kyamararka mai ƙaramin sensa ce, 35mm zai ba ka kusan haka. Abin da ba na so shi ne lensi mai faɗi irin 24mm a matso da shi kusa da fuska, hanci yana girma kunnuwa su ja baya.

Matsalar kyamara ɗaya ita ce yanka. Mutum ya yi magana minti 3 kana son daƙiƙa 40 daga farko da 20 daga ƙarshe, in ka haɗa su a firam iri ɗaya kansa zai yi tsalle. Hanya biyu ce. In kyamararka na ɗaukar 4K, wato 3840x2160, kuma a 1920x1080 za ka fitar, ka ɗauka da faɗi ka bar shi haka, a editin kana iya matsowa har ninki biyu ba tare da hoton ya lalace ba, ka samu ɗauka biyu daga ɗaya. Ni ninki ɗaya da rabi nake yawan yi, daga ƙirji zuwa sama. In ba 4K, to ka canza girman firam da zum lokacin da ake tambaya, tambayoyin shimfiɗa da faɗi, in an zo inda maganar ta taɓa zuciya ka matso, amma kar ka taɓa zum yana tsakiyar amsa. Canjin kuma ya zama babba, in kaɗan ne zai fito kamar kuskure.

Saitin kyamara, ka kulle komai

Komai a hannu, kar ka bar wa kyamara zaɓi, don in tana kan oto da ya ɗaga farin hannun riga sai ta rage haske. Ga abin da na sa ranar:

```
4K  25p
1/50  f/2.8  ISO 800
WB 5600K
```

25p, wato hoto 25 a daƙiƙa, da 1/50, wato saurin shata, saboda wutarmu a Najeriya da Nijar mai 50Hz ce, ko wani ƙwai ya shigo hoto ba zai yi ƙyafce-ƙyafce sosai ba. Na tashi daga 5600K ɗin daga baya, don koren bangon nan yana mayar da haske kore a kan fata, sai na riƙe farar takarda daidai fuskarsa na sa kyamara ta auna fari daga jikinta.

Kan f/2.8 kuma, wato girman buɗin lensi, a nisan mita 2 da 50mm abin da ke fitowa tar bai kai santimita 30 daga gaba zuwa baya ba. A f/1.8 bai kai 20 ba, mutum ya ɗan sunkuyo ya fita daga fokas. Na san daɗin bayan da ya narke, amma fuskar da ta dushe a daidai maganar da ta fi kowacce ba ta da magani. Baba da hira ta yi daɗi ya fara rangaji gaba da baya, sai a tsakanin tambayoyi na koma f/4, wanda ke rage rabin haske, na ɗaga ISO zuwa 1600 ya biya. Fokas a kan idon da ya fi kusa da kyamara, ka zuƙo hoton a sikirin ka tabbatar, ka sake dubawa duk bayan tambaya uku ko huɗu.

Auna haske da fuska za ka yi, ba da riga ba. Baƙar fata da farar shadda a gefen taga su ne jarrabawa, in ka buɗe don fuska rigar ta ƙone, in ka rufe don riga fuskar ta nutse. Tun a waya ka roƙi mutum ya sa mai launi, shuɗi ko toka ko ruwan ƙasa, kuma ba mai ƙananan layuka ba don suna rawa a bidiyo. In ka tarar da shi cikin fari kuma ba dama, kunna Zebra a 100 ka ga inda ya ƙone, sannan ka tare rabin tagar na ƙasa da kwali ko baƙin zane, haske ya ragu a ƙirji ya bar fuska.

Gefen inuwa kuma ka dube shi a sikirin. In ya yi duhu har ba ka ganin fatar, kawo farin kwali ka jingine shi a wancan gefen, kamar mita ɗaya daga fuskar, dab da inda firam ya ƙare, ka matso da shi ko ka ja shi har inuwar ta buɗe amma ba ta ɓace ba. A ɗakin Baba kwalin ya yi aiki biyu, ya buɗe inuwar kuma ya tare koren da bangon ke watsowa. In ɗakin fari ne tas haske na yawo ko'ina fuska ta zama shafe, akasin haka za ka yi, rataya baƙin zane a gefen don ya shanye. Mai tabarau kuma in taga na fitowa a gilashinsa, ka ce ya ɗan ɗaga ƙafafun tabaran sama da kunne kaɗan gilashin ya kalli ƙasa, ko ka juya kujerar kaɗan. Goshi in yana ƙyalli miƙa masa tishu.

Ana cikin ɗauka

Kashe fanka, na san da zafi amma ƙararta ba ta fita, a hunturu dai mun huta da wannan. Sa abin ji a kunne ɗaya. In tsohuwar kyamarar hoto ce ka tuna da yawansu suna tsayawa da kansu kafin minti 30, ka tsayar ka sake kunnawa a tsakanin tambayoyi kafin ta yi maka. Ka ɗauki hoton sikirin da wayarka a farko, duk minti 15 ka kwatanta, don idonka yana sabawa da raguwar haske ba za ka lura ba. Mu wajen 3 da rabi na ga fuskar ta fara sauka, tagar gabas ce rana na ƙara nisa da ita, na ƙara ISO kaɗan bayan ya gama wata amsa. Shi ya sa tambayoyin da suka fi muhimmanci ba na kai su can ƙarshe.

Da ya dire amsa kar ka yi caraf da wata tambayar, ƙirga uku a zuci kana kallonsa. Kana buƙatar wannan shirun wajen yanka, kuma sau da yawa a nan ne mutum ke ƙaro abin da bai yi niyyar faɗa ba. A irin wannan shirun ne Baba ya buɗe tafukansa ya kalle su ya fara maganar mahaifinsa, kuma don na bar firam ɗin da faɗi hannuwan suna ciki.

Kafin kowa ya tashi ka ce a yi shiru na daƙiƙa 30 ka ɗauki sautin ɗakin haka nan, da shi za ka cike giɓi a editin. Sannan ka cire kyamara daga inda take, hasken bai gama tafiya ba, ka ɗauki abubuwan rufe yanka: hannuwansa a kan gwiwa, yadukan da ke baya, carbinsa, ɗakin gaba ɗaya daga bakin ƙofa yana zaune a gefen taga. Kowanne ka riƙe shi daƙiƙa 10 ba motsi, kuma ka tsaya a ɓangaren da kyamarar take tun farko don ya ci gaba da fuskantar hagu kamar yadda yake a hirar. Muna cikin ɗaukar hannuwan aka kira la'asar, na ce Baba saura ɗaya, na ɗauki yadukan, na kashe.